Littafi ya ƙone, odita na tafe: yadda ake sake haɗa lissafin kasuwanci bayan gobara ko ambaliya

Duk lokacin da wuta ta ci kasuwa, kamar yadda ta yi wa Sabon Gari a Kano a watan Maris 2016 ko Monday Market ta Maiduguri a Fabrairun 2023, ko ruwa ya shiga gari kamar ranar 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, kaya ake wa kuka, kuma ai dole, dukiya ce ta tafi. Ba mai tuna littafin bashi da kwalin rasit a wannan ranar. Sai bayan wata biyu ko uku hankali ya ɗan kwanta an fara gyaran shago, sannan wasiƙa ta iso, ko daga hukumar haraji cewa za su zo duba lissafi, ko odita na ƙarshen shekara ya kira yana neman takardu, ko banki da ya ba ka rance ya ce yana son ganin lissafin da aka tantance. A nan ne mutum zai ce "ai komai ya ƙone" yana tsammanin shikenan magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba fa. Dokar kamfanoni, CAMA 2020, ta ce kamfani ya ajiye takardun lissafinsa na shekara 6, kuma hukumar haraji tana iya komawa baya shekara 6 ta duba ka. Gobara uzuri ce da ake ji, amma ba ta ɗauke maka nauyin nuna abin da ka samu da abin da ka kashe ba. In ka kasa nunawa, doka ta ba jami'in haraji dama ya yi maka ƙiyasi da kansa gwargwadon abin da ya ga ya dace, kuma wallahi ƙiyasin da wani ya yi maka ba kasafai yake zuwa da sauƙi ba, don shi kuɗin da ya shiga asusunka yake gani a fili, kashe-kashenka kuwa sai wanda ka kawo wa hujja.

Abin da ke ceton mutum abu ɗaya ne: kusan duk cinikin da ka taɓa yi mutum biyu ne a ciki, kuma takardar wancan ɓangaren ba ta ƙone ba. Ka sayi kaya, mai kayan yana da kwafin inbois. Ka biya ta taransfa, banki ya rubuta. Ka biya haraji, hukuma na da shi. To aikin shi ne a bi waɗannan mutanen ɗaya bayan ɗaya a tattaro, sai a ga inda rami ya rage, shi kuma ramin a cike shi da lissafi, a rubuta a kansa ɓaro-ɓaro cewa ƙiyasi ne.

Amma kafin nan akwai abin da ba ya jira, wato takardun da suka tsira rabi da rabi. In ruwa ne, takarda jiƙaƙƙiya tana fara fumfuna cikin kwana 2, daga nan sai shafuka su manne da juna su zama dunƙule. Kada a shanya su a rana tsaka, kada a kanga su a wuta. A inuwa ake bajewa a kunna fanka, ana sa busasshiyar farar takarda a tsakanin shafukan littafi ana canzawa. In sun yi yawa ba za a iya busarwa a kwana biyu ba, a sa su a leda a kai firiza ko wajen masu ɗakin sanyi na kifi, daskarewa tana tsayar da fumfuna har a samu sarari. Rasit ɗin POS kuwa takardarsa daban ce, zafi ne ke fito da rubutun, shi ya sa in ta ji wuta sai ta koma baƙa ƙirin, in ta daɗe kuma ta koɗe, don haka duk wanda ake iya karantawa a ɗauki hotonsa nan take da waya. Littafi mai kauri da wuta ta lasa sau da yawa gefe ne ya ƙone, tsakiya na nan, kada yara su ɓare shi da ƙarfi. Kwamfutar da ta sha ruwa kuma, don Allah kada a jona ta a wuta "a gani ko za ta tashi", wannan gwajin shi ke ƙarasa abin da ke ciki. A cire ma'ajiyarta a kai wa masu ciro bayanai.

Sai takardun shaidar cewa abin ya faru. Rahoton 'yan kwana-kwana in gobara ce, takardar rahoto daga ofishin 'yan sanda, takardar rantsuwa daga kotu wadda ta lissafa irin takardun da suka salwanta da na wane lokaci zuwa wane lokaci, wasiƙar ƙungiyar kasuwa, da hotuna da bidiyon wurin kafin a share. Mutane suna gaggawar kwashe toka, in akwai inshora kuwa wannan kuskure ne babba, don mai ƙiyasin asara da kamfanin inshora zai turo yana son ya ga ragowar da idonsa. Da waɗannan a hannu sai a rubuta wa hukumar haraji tun kafin ta neme ka. Kamfani mai rajista harajinsa na hukumar tarayya ne, wadda aka sani da FIRS, daga Janairun 2026 ta koma NRS. Mai kasuwanci da sunan kansa ko sunan kasuwanci kawai, nasa na jiha ne, kamar KIRS a Kano. A wasiƙar ka faɗi ranar da abin ya faru, abin da ya ɓata, yadda kake sake haɗawa, ka nemi ƙarin lokaci, ka karɓi kwafin da suka buga wa hatimin karɓa. Wanda ya sanar mako biyu bayan gobara da wanda bai tuna da gobara ba sai ranar da jami'ai suka zauna a ofishinsa, ba kallo ɗaya ake musu ba.

To yanzu ga ainihin aikin. Ana farawa da abu biyu, lissafin bara da aka tantance, da sitatimen ɗin banki. Lissafin bara yana wajen oditan da ya yi shi, yana kuma wajen hukumar haraji tunda an miƙa musu, shi zai ba ka inda shekara ta fara: kayan da ke sito nawa ne, bashin da kake bi nawa, wanda ake bin ka nawa. Sitatimen kuma a nemi na kowane asusu, ban da ɓoye ko ɗaya, har da Moniepoint da OPay ɗin da yaran shago ke karɓar kuɗi da shi, har da asusun Alhaji na kansa in kwastomomi sun saba tura kuɗin kaya can, kuma mun san sun saba. A karɓi iri biyu, mai hatimin banki domin odita, da na Excel domin aiki. Doka ta wajabta wa bankuna ajiye bayanan hada-hada aƙalla shekara 5, saboda haka abin da kake nema yana nan, sai dai su caje ka kuɗin bugawa.

Bari mu ɗauki misali da lamba, don magana a iska ba ta zama. A ce wani kamfani ne mai sayar da atamfa da shadda a sari, shekararsa ta lissafi Janairu zuwa Disamba, wuta ta tashi a ƙarshen Satumba ta cinye sito da ofis. Lissafin bara ya nuna an shiga shekara da kaya na naira miliyan 40, ana bin kwastomomi miliyan 12, masu kaya suna bin kamfanin miliyan 18. Duk lambobin da zan kawo na cire musu VAT don kada mu rikice, amma a aikin gaske sai ka cire da kanka: in kaya mai VAT ne kuma naira 107,500 ta shigo, ciniki 100,000 ne, 7,500 ta gwamnati ce.

Sayen kaya shi ya fi sauƙi, shi ake fara yi. A sitatimen an ga daga Janairu zuwa Satumba an tura wa masu kaya miliyan 230. Sai a rubuta wa kowannensu ya turo sitatimen ɗinsa na ma'amalarku da kwafin inbois da webil. Manyan kamfanoni da dilolinsu a kwamfuta suke da shi, minti goma ne. In kai ke shigo da kaya daga waje, Form M, wato fom ɗin shigo da kaya, yana banki, takardar ƙiyasin kwastam ta PAAR da takardar biyan kuɗin fito suna wajen kwastam da ejan ɗinka. Da aka tara, sai aka ga ranar gobara masu kaya suna bin miliyan 28. Lissafin sai ya zama haka:

```
230 + 28 - 18 = 240
```

Wato abin da ka biya, ka ƙara bashin da ya rage a kanka, ka cire bashin bara da ka biya a cikin bana, kayan da aka saya a wata 9 ɗin na miliyan 240 ne. Wannan lambar tana da ƙarfi sosai saboda hanya biyu ta tabbatar da ita, banki da masu kaya. In jimillar inbois ɗin da suka turo ta zo 240 ko kusa, ka huta. In ta zo 252, to akwai kayan miliyan 12 da aka biya da tsabar kuɗi ko ta wani asusu da ba a kawo ba, kuma sai an nemo shi, ba a tsallakewa.

Ciniki ne mai wahala. A ce duk abin da ya shiga asusun kamfanin a wata 9 miliyan 291 ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki wannan a ce ciniki ne, jami'in haraji ma daga nan zai fara in ba ka nuna masa akasin haka ba. Dole a zauna a bi layi-layi. A misalinmu miliyan 20 rancen banki ne, takardar rancen na nan a banki. Miliyan 8 Alhaji ne ya sayar da filinsa ya zuba a kasuwa, sai a kawo yarjejeniyar cinikin filin. Miliyan 15 kuɗi ne da aka kwashe daga asusun POS zuwa babban asusu, in ba a lura ba sai a ƙirga shi sau biyu. An cire 43 kenan, saura miliyan 248 da ya fito daga kwastomomi. Akwai kuma abin da ke faruwa a kasuwa kullum, maƙwabci ya ce "a turo ta asusunka network ɗina ba kyau" ya karɓi tsabarsa. Irin wannan in ba ka samu mutumin ya sa hannu a takarda cewa kuɗinsa ne ba, ka haƙura kawai, ciniki za a ɗauke shi. In kuma kana sayar wa kamfanoni ko ma'aikatu masu cire harajin riƙewa kafin su biya, abin da ya shigo banki bai kai inbois ba, sai a nemo takardar shaidar cirewar a mayar da shi cikakke.

Bayan nan sai tsabar kuɗin da ba ta taɓa ganin banki ba. Kowane shago yana da ita: an yi ciniki da rana, an biya 'yan dako, an sayi man janareta, an ba mai gadi, an sallami mai abinci, Alhaji ya ɗebi na cefane, saura aka kai banki. Wannan duka ciniki ne duk da bai shiga sitatimen ba, kuma littafin da ake rubuta shi ya ƙone. Yadda ake yi, a zaunar da mai kula da aljihun shago da babban yaro, kowa daban, a tambaye su abin da ke fita a mako, a gwada da abin da ake kashewa yanzu bayan an sake buɗewa, a gwada da lissafin bara. A ce an tsaya a kan naira 180,000 a mako, mako 39, kusan miliyan 7 kenan. Wannan ƙiyasi ne tsantsa, a rubuta yadda aka same shi da sunan aikin waɗanda aka tambaya, su sa hannu.

Sai littafin bashi, kuma gaskiya a nan ake gane mutane. Shawarata kada ka je wa mai bashi da lamba a bakinka, kada kuma ka fara da "littafi ya ƙone ban san nawa ba ne". Ka aika masa takarda ko saƙo cewa ana daidaita lissafi saboda odita, ya rubuto abin da ke littafinsa na kayan da ya karɓa da abin da ya biya da abin da ya rage. Kai kuma a ɓangarenka ka riga ka tace sitatimen da sunansa ka ga duk taransfar da ya yi, ka duba WhatsApp, don yawancin odar yanzu a can take, hoton webil, muryar "a ƙaro min turmi hamsin", alat ɗin da ya turo. Ko wayarka ta tafi, ta yaron shago tana nan, kuma in kana da ajiya a Google Drive saƙonnin za su dawo. Direbobi da 'yan kamasho a tasha su ma suna da littafin lodi. Da yawa za su faɗi gaskiya don tsoron Allah da kuma son ci gaba da karɓar kaya, wasu za su rage, ɗaya ko biyu su ce ai sun biya tun kafin Sallah. Duk wanda ya amsa, ya sa hannu a gaban shaida. Wanda ya musa kuma ba ka da hujja, kada ka cusa shi a lissafi don ka tabbata a zuciyarka, a ware shi gefe a matsayin bashin da ake shakkar dawowarsa. A misalinmu wanda aka tabbatar ya kama miliyan 17.

```
248 + 7 + 17 - 12 = 260
```

Ciniki kenan na wata 9, miliyan 260: abin da ya shigo banki, da tsabar da aka kashe, da bashin da ake bi yanzu, a cire bashin bara da aka karɓo a bana.

Kafin a yi gaba sai a gwada wannan lamba da abin da kamfanin ya riga ya faɗa wa gwamnati. VAT ana shigar da shi duk wata, zuwa ranar 21 ga watan da ke biye, kuma abin da aka shigar ta TaxPro-Max, shafin intanet na hukumar haraji, tun 2021 yana wajen hukuma. In cinikin da aka bayyana daga Janairu zuwa Agusta ya zo kusa da abin da ka haɗa na waɗannan watannin, madalla. In kuma cinikin da ka haɗa na waɗannan watannin 230 ne amma abin da aka bayyana 150 ne, to matsalarka ba gobara ba ce, tun can ana rage ciniki, kuma gara ka zauna da akantanka ku gyara ku biya bambancin da kanku, don odita zai yi wannan gwajin a ranarsa ta farko. Haka albashi, ba ya wahala: taransfar ma'aikata tana sitatimen, harajin albashi yana hukumar jiha, fansho yana kamfanin fansho.

Yanzu babbar tambaya, kayan nawa ne suka ƙone? Ba wanda ya ƙirga su daren gobara, sai dai a bi ta hanyar riba. A duba lissafin shekara 2 ko 3 da suka wuce a ga a kowace naira 100 ta ciniki nawa ce ribar kaya kafin a cire haya da albashi. A ce kashi 10 cikin 100 ce. Ma'ana kayan da aka sayar a miliyan 260 an sayo su a miliyan 234. An fara da kayan 40, an ƙaro na 240, an sayar da na 234:

```
40 + 240 - 234 = 46
```

Kayan miliyan 46 ya kamata a ce suna sito a daren. In an tsira da na miliyan 5, asara 41 ce.

Wannan lissafin yana da kyau a ido amma yana da rauni, kuma gara ka san rauninsa kafin wani ya nuna maka. Na farko, in ka tambayi ɗan kasuwa ribarsa ya ce "goma", yawanci yana nufin goma a kan kuɗin saye, ya sayi 100 ya sayar 110, shi kuma lissafin odita goma ne a cikin kuɗin sayarwa. In goma a kan saye ce, sai a raba 260 da 1.1, ya ba da kusan 236.4, kayan sito su sauko zuwa 43.6. Na biyu, ribar bara ba lallai ita ce ta bana ba. Wanda ya yi kasuwa a 2023 da 2024 lokacin da naira ke faɗuwa ya san tsohon kaya a sabon farashi ya ba da ribar da ba a saba gani ba, sannan da kasuwa ta yi sanyi aka dinga karya farashi don a samu kuɗin juyawa. In ainihin ribar bana kashi 8 ce, kuɗin kayan da aka sayar ya zama 239.2, sito ya koma 40.8. Kashi 2 kacal ya motsa lissafi da sama da miliyan 5. Shi ya sa ba a dogara da bara kaɗai, ana ɗauko inbois ɗin saye na bana na manyan kayan da suka fi tafiya, a gwada da farashin da aka sayar wanda ke cikin saƙonnin kwastomomi, a fitar da ribar bana ta gaske, shadda daban atamfa daban in ribarsu ba ɗaya ba ce.

Sannan a auna da hankali. In matsakaicin kuɗin sayen turmi ɗaya naira 11,500 ne, miliyan 46 turmi 4,000 kenan. Shin sitonka yana ɗaukar 4,000? Hotunan da yara suka ɗauka suna tallar kaya a watan Satumba suna nuna kantoci cike ko rabi? Webil ɗin mako biyun ƙarshe sun nuna an sauke kaya masu yawa? Kuma a cire kayan amana, wanda wani ya ajiye a sitonka ko ya ba ka ka sayar masa a kan kamasho, wannan ba kayanka ba ne ko da a ɗakinka ya ƙone, haka kuma kayan da ka riga ka biya amma suna kan hanya ko suna wani sito, suna cikin 46 ɗin amma ba su ƙone ba.

Ga wani abu da nake son a lura da shi sosai, don shi ke bayyana dalilin da odita da mai ƙiyasin inshora suke nacewa a kan tsabar kuɗi har mutum ya ji haushi. Ka cire miliyan 7 ɗin nan ta tsaba ka ce ba a yi ba. Ciniki ya koma 253, kuɗin kayan da aka sayar 227.7, kayan sito sun haura zuwa 52.3. Kaga da ɓoye ciniki guda ɗaya mutum ya rage VAT, ya rage riba, ya kuma ƙara asarar da zai nema a inshora da miliyan 6.3. Duk ƙaryar hanya ɗaya take bi, su ma sun san haka, to in suka ga lissafin shagon kasuwa wanda ba ko sisin tsabar kuɗi a cikinsa sai su daina yarda da sauran lambobin ma, har da na gaskiya. Kuma lamba ɗaya za ka kai ko'ina, wadda ka ba inshora ita za ka ba haraji ita za ka ba banki. Game da inshora ma, in ka yi wa kaya inshorar miliyan 30 alhali na 46 ne a sito, yawancin yarjejeniyoyi suna da sharaɗin biya gwargwado, za a biya ka kashi 30 cikin 46 na asarar, kusan miliyan 26.7, ba 30 ba balle 41.

Abin da ke kashe mutum gaba ɗaya shi ne rasit ɗin bogi. Za a samu mai ba da shawarar a je wajen masu buga takardu a bugo sabon littafin rasit a cike da kwanan watan baya, a ɗan murza shi ya tsufa. Ana ganewa: biro ɗaya, hannu ɗaya daga Janairu har Satumba, lambobi a jere ba ko ɗaya da aka soke, rasit ranar Lahadi ko ranar Sallah da kasuwa ke rufe, ga kuma rantsuwarka a kotu cewa rasit sun ƙone. Mai asarar takardu ana tattaunawa da shi a kan lamba, mai ƙirƙirar takardu kuwa maganarsa ta zama ta laifi, kuma iyakar shekara 6 ɗin nan ba ta kare wanda aka kama da zamba. In kana buƙatar takarda a madadin wadda ta ɓata, kwafi za ka nema daga wanda ya bayar da ita tun asali, a rubuta "kwafi" a kai. Takardun rajista kuma CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tana ba da kwafin da ta tabbatar.

Duk abin da aka tara sai a shirya shi a fayil ɗaya yadda baƙo zai iya bi ba tare da kana tsaye a kansa ba. A gaba takardun shaidar gobara da wasiƙar da ka kai hukuma, sai bayani na shafi biyu ko uku a kan me ya ɓata da hanyar da aka bi, sai kowace lamba da hujjarta a bayanta. Ni ina ganin ya fi a yi wa kowace lamba alama ta ƙarfinta: wadda wani na waje ya tabbatar kamar 230 da 28, wadda aka fitar da lissafi daga tabbatattu kamar 240, da wadda ƙiyasi ce kamar 7 da 46. Odita yana fifita hujjar da ta fito daga waje a kan wadda ka rubuta da hannunka, mafi ƙarfi kuma wadda ta zo masa kai tsaye, don haka kada ka ji wani iri in ya ce zai rubuta wa banki da masu kaya da masu bashi su amsa masa ba ta hannunka ba, ƙa'idar aikinsa ce, ka dai sanar da su tun wuri don kada su tsorata su ƙi amsawa. Wanda zai sake haɗa littafin kuma ya zama akanta daban, mai rajista da ƙungiyar akantoci ta ICAN ko ANAN in da hali, ba oditan da zai tantance ba, mutum ba ya duba aikin hannunsa.

Ko an yi duk wannan, kada ka sa rai lallai rahoton odita ya fito fes. Tunda gobarar a Satumba ce, kayan ƙarshen Disamba zai iya zuwa ya ƙirga da kansa, kuɗin banki da bashi zai tabbatar, amma rabon da ke tsakanin kayan da aka sayar da kayan da suka ƙone ƙiyasi ne, cinikin tsaba ma haka. In ramin ƙarami ne kuma hujjojin gefe sun gamsar da shi, zai iya sa hannu ba togaciya. In babba ne amma a wuri ɗaya ya tsaya, zai rubuta cewa lissafin daidai ne in ban da wannan ɓangaren da bai samu isasshiyar hujja ba, kuma banki da hukumar haraji sun saba ganin irin wannan bayan gobara, ana wucewa da shi in bayanin na nan. Wanda ake gudu shi ne ya ce ramukan sun yi yawa har ba zai iya faɗin ra'ayi a kan lissafin ba sam, wannan shi ke sa banki ya tsayar da rance, jami'in haraji kuma ya ajiye takardunka ya koma ƙiyasinsa. Abin da ke raba biyun yawanci shi ne masu kaya da masu bashi nawa ne suka amsa a rubuce, su kuma suna ɗaukar makonni kafin su amsa, wasu sai an bi su har shago, saboda haka wasiƙunsu su ake fara aikawa tun makon farko, ana jiran amsa ana tace sitatimen.